Giwar da ke cikin ɗakin taro: mece ce, kuma yaya za ki ambace ta?

Assalamu alaikum. Ina aiki da wata ƙungiya mai zaman kanta a Kano, ni ce mai haɗa rahoton wani aikin haƙa rijiyoyin burtsatse 40 da aka ba mu wata 12 mu gama. Wata 8 sun wuce, 14 kawai aka gama. Ɗan kwangilar suruki ne ga shugaban sashenmu, wanda dattijo ne sa'an mahaifina. Kowa a ofis ya sani, ba mai magana. An ce ni zan jagoranci taron Litinin na awa ɗaya, sai Baturiyar da ke wakiltar masu ba mu kuɗi ta turo mini saƙo cewa: “Let's address the elephant in the room on Monday.” Na san giwa take faɗa, amma wa take nufi? Shugaban namu ne? Ko ni, tunda ina da jiki? Me zan faɗa ban ci mutuncin dattijo ba?

Wata ma'aikaciya, Kano

Wa alaikumus salam, Malama. Ki kwantar da hankalinki, ba ke take nufi ba, ba kuma dattijon ba. A wannan salon magana na Turawa giwar ba mutum ba ce, batu ce. Ba laifinki ba ne da tunaninki ya tafi kan mutum, domin mu a Hausa in aka ce wa wani giwa ko toron giwa, kirari ake yi masa na girma da ƙasaita. Su kuwa hoton da suke zanawa daban ne: mutane zaune a falo suna hira, ga giwa tsaye a tsakiyarsu ta cika ɗakin, kowa yana leƙa ɗan'uwansa ta gefen ƙafarta, amma ba wanda ya ce “kai, ga giwa”. Abin da suke nufi shi ne babbar matsala da duk mahalarta taro suka san da ita, suka kuma yi shiru a kanta saboda kunya, ko tsoro, ko gudun ɓacin rai.

Abubuwa uku ne sai sun haɗu kafin a kira batu da wannan suna, kuma yana da kyau ki riƙe su domin da su za ki auna abin da ke gabanki. Sai batun ya kasance babba, wanda zai iya rusa aikin ko ya canza shawarar da za a yanke. Sai ya kasance kowa a ɗakin ya san shi. Sai kuma ya kasance an daɗe ana kauce masa. In ɗaya ya faɗi, ba giwa ba ce. Abin da mutum biyu kaɗai suka sani sirri ne, kuma fito da shi a taro fasa ƙwai ne, wanda hukuncinsa daban. Abin da ake tattaunawa kowane mako, ko da ba a warware shi ba, matsala ce kawai. Ƙorafin wani ma'aikaci kan kujerar da ya ke zama ko kuɗin man motarsa kuwa, ko da ya dame shi ƙwarai, bai kai girman da za a kira shi giwa ba.

Hoton ya daɗe. A shekarar 1814 Ivan Krylov, mai rubuta tatsuniyoyi ɗan ƙasar Rasha, ya rubuta labarin wani mutum da ya shiga gidan adana kayan tarihi, ya fito yana ba da labarin ƙananan ƙwari da ya gani, aka tambaye shi giwa fa, ya ce bai lura da ita ba. A Turanci kuma ana kafa hujja da wani rubutu na jaridar New York Times a 1959, inda aka kwatanta matsalar kuɗin gudanar da makarantu da giwa a falo. Daga baya masu ba da shawara ga iyalan mashaya a Amurka suka yi ta amfani da shi, domin gidan da uba ke shan giya kowa ya sani, har yara, amma ba a faɗa. Ki lura da bambancin: mutumin Krylov bai ga giwar ba, amma a ma'anar da ake amfani da ita yau kowa ya gan ta, bakin ne aka rufe. Akwai kuma wata giwar ta Turanci da ake rikita ta da wannan, wato farar giwa, wadda ke nufin aikin da ya cinye kuɗi mai yawa ba amfani. Ba ita ce a saƙonki ba.

Bahaushe yana da nasa hanyoyin faɗin wannan hali. In taro ya ɓata rabin awa kan wane ne zai sayi tawadar na'urar buga takardu alhali rijiyoyi 26 suna jira, sai mu ce an bar jaki ana dukan taiki. In an san inda matsalar take amma ana kewaye ta don girmama wani, sai mu ce ana ganin wuyan biri a ɗaure shi a ƙugu. In kuwa wani ya so a ci gaba da shirun, sai ya ce a bar kaza cikin gashinta. Waɗannan za su fi yi miki amfani a zancenki da abokan aiki da Hausa. Kada ki ɗauko maganar Baturiya ki juya ta kai tsaye ki ce wa dattijo “akwai giwa a ɗakin nan”, domin kunnen Bahaushe zai nemi mutumin da ake nufi, kuma idon kowa zai koma kansa.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi muhimmanci. Wannan magana ta giwa a ɗaki ba ta ambaci komai ba. Sallama ce kawai a bakin ƙofa, mai yin ta yana sanar da jama'a cewa zai faɗi abu mai nauyi, su shirya. Turawa da kansu in sun faɗe ta, a numfashi ɗaya suke biyo ta da sunan matsalar. Wanda ya ce a yi maganar giwa ya yi shiru, ya jefa ɗakin cikin zato: wannan yana tunanin albashi ne, wancan yana tunanin korar ma'aikata ce, wani yana tunanin asirinsa ne ya tonu. Abin da ya same ki ke nan da saƙon nan. Ita a ranta tana ganin abin a fili yake, ke kuma a inda kike zaune akwai abu biyu da za su iya ɗaukar sunan.

Na farko jinkirin aiki ne, wanda yake cikin rahoton da kike tura mata, don haka ta san shi, kun san shi. Ya cika sharuɗɗan nan uku. Na biyu surukuntar nan ce. A cikin ofishinku giwa ce, tunda kowa ya sani. Amma ita fa, ta sani? In ba ta sani ba, a taron da take ciki ba giwa ba ce, labari ne sabo da zai faɗo mata a gaban mutane. Mu a ganinmu jinkirin take nufi, amma ba a jagorancin taro da zato. Yau ɗin nan ki mayar mata da amsa gajera, jimla biyu sun isa: kin yarda a tattauna, kuma kina so ki tabbatar jinkirin haƙa rijiyoyin take nufi ko akwai wani abu daban, domin ki shirya alƙaluman da suka dace. Wannan tambaya ba za ta nuna kin kasa Turanci ba. Mai jagorancin taro da ya san aikinsa haka yake yi, ko da Turancin harshen uwarsa ne. In za ta yarda ku yi waya ta minti biyar ya fi, domin akwai abin da mutum zai faɗa da baki ba zai rubuta ba.

Mu ɗauka ta ce jinkirin ne. Aikinki na gaba shi ne ki mayar da giwar lissafi, domin lissafi ba ya cin mutuncin kowa. Rijiyoyi 14 cikin wata 8, ba a kai biyu a wata ba ke nan. Saura 26 cikin wata 4, wato sai an riƙa gama shida zuwa bakwai kowane wata, kusan ninki huɗu na saurin da ake yi yanzu. In kuwa aka ci gaba da tafiyar da ake yi, bakwai kawai za a ƙara, wa'adi ya cika da 21 cikin 40. Wannan lamba ta ƙarshe, 21 cikin 40, ita ce giwar. Ki rubuta waɗannan a shafi ɗaya, ki ƙara da abu ɗaya daga sashen kuɗi: nawa aka riga aka biya ɗan kwangilar, kuma kuɗin rijiya nawa ne wannan. In an biya shi kuɗin 14 ya yi 14, matsalar ta sauri ce kawai. In an biya shi kuɗin 30 ya yi 14, matsalar ta fi haka, kuma gara ki san wannan kafin Litinin da a tambaye ki a taro ki rasa amsa. Ki kuma tabbatar me ake nufi da “an gama” a rahotonki: an haƙa ramin kawai, ko an sa bututu da famfo, an gwada ruwan, an miƙa wa mutanen gari? Sau da yawa gardamar taro daga nan take tashi, wani ya ce 14, wani ya ce ai 19 ne, domin yana ƙirga waɗanda aka haƙa ba a sa musu famfo ba.

Da takardar nan a hannunki sai ki je wurin dattijon, kafin taro, ke da shi. Wannan mataki shi ne wanda mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi kowane raba taron da ya yi kyau da wanda ya watse. Babba yana iya haɗiye magana mai ɗaci in ya ji ta a ofishinsa ƙofa a rufe. Abin da ba ya yafewa shi ne a ba shi mamaki a gaban na ƙasa da shi da kuma baƙuwa. Ki gaishe shi yadda kika saba, ki zauna, ki ce: “Ranka ya daɗe, masu ba da kuɗi sun nemi a yi maganar jinkirin rijiyoyin nan ranar Litinin, kuma ni aka ba jagorancin taron. Ban so ka fara jin ta a can ba, shi ya sa na kawo maka lissafin ka gani. Yaya kake ganin ya kamata mu gabatar da ita?” Ki miƙa masa takardar ki yi shiru. Kin yi abu uku da wannan: kin nuna masa ba ke kika ƙirƙiro batun ba, kin ba shi kwanaki ya nemi bayani wurin ɗan kwangilar, kin kuma ba shi damar ya shigo taron a matsayin mai neman mafita maimakon wanda ake tuhuma. Mai yiwuwa ma akwai dalilan da ba ki sani ba, kamar injin haƙa da ya lalace, ko damina da ta hana babbar mota shiga ƙauyuka, ko wurare da aka haƙa ba a sami ruwa ba, ko kuɗin da bai fito kan lokaci ba. In ya ce shi zai buɗe maganar da bakinsa, ki bar masa, wannan ya fi komai. In ya ce a cire ta daga ajanda, ki gaya masa cikin ladabi cewa ba a hannunki take ba, Baturiyar za ta tayar da ita ko an sa ko ba a sa ba, kuma gara ta fito daga gare ku.

A ajanda ki rubuta batun da sunansa, kamar “Matsayin haƙa rijiyoyi da wa'adin da ya rage”, ki tura wa mahalarta aƙalla kwana ɗaya kafin taro. Kalmar giwa ba ta shiga ajanda, ba ta kuma shiga rubutaccen bayanin taro, domin maganar baki ce. Inda kika ajiye batun ma yana da tasiri. Ki sa shi na farko bayan addu'a da gaisuwa, ki ware masa minti 30 cikin 60. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tura shi ƙarshe, cikin sauran batutuwa. Sai a cinye minti 55 kan ƙananan abubuwa, kowa yana jin nauyin abin da ke tafe ba ya sauraron komai, a taɓa shi cikin minti biyar, wani ya duba agogo ya ce lokacin sallah ya yi, a tashi. An ambaci giwar amma tana nan, kuma yanzu ta fi wuyar tayarwa tunda za a ce ai an yi maganar.

Ga yadda za ki buɗe. In taron da Turanci ne, kina iya amfani da salon nata sau ɗaya, ki biyo shi nan take da lissafin. Da Hausa abin da za ki faɗa shi ne kamar haka: “Akwai batun da dukkanmu muka sani amma ba mu zauna a kansa ba. Mun gama rijiyoyi 14 cikin 40, saura wata 4. In muka ci gaba a haka, za mu tsaya a 21. Ina so mu yi rabin awa mu fahimci abin da ya jawo haka, mu kuma fita da shawara ɗaya.” Ki duba ginin maganar. “Mu” ce daga farko har ƙarshe, ba “shi” ko “su” ba. Babu sunan kowa. Babu kalmar da ke yanke hukunci, irin su sakaci ko gazawa. Kuma ta ƙare da abin da ake so a yi, domin mutane su san ba zaman shari'a aka kira su ba. Duka ba ta kai rabin minti ba. Kada ki tsawaita ta da neman gafara, domin in kika fara “ku yi haƙuri, ban so in faɗi ba, ba wai ina zargin kowa ba ne”, kin sanar da ɗakin cewa akwai wanda ake zargi.

Daga nan shiru zai biyo baya. Wani zai duba wayarsa, wani zai gyara hularsa, wata za ta buɗe littafinta tana juya shafi ba ta karanta komai. Wannan shirun ba alamar kin yi kuskure ba ce, mutane ne ke auna ko da gaske an ba su izinin magana. Ki ƙirga goma a ranki kada ki cike shi. Masu jagorancin taro da yawa nan suke faɗuwa, su ji shirun ya yi musu nauyi, su yi dariya su ce “to, mu ci gaba”, su rufe ƙofar da suka buɗe. In goman ta cika ba wanda ya yi magana, ki juya ga dattijon, tunda kin riga kin shirya shi: “Ranka ya daɗe, ko za ka fara mana da abin da ke faruwa a fili?” Kada ki fara da ƙaramin ma'aikaci. Duk abin da ya faɗa a gaban shugabansa zai biya kuɗinsa bayan taro, kuma ya sani, don haka ba zai faɗi gaskiya ba. In kina buƙatar abin da injiniyan fili ya sani, ki tambaye shi abin da ke da amsa ta lamba: injin haƙa nawa ne ke aiki yanzu, kwana nawa rijiya ɗaya take ɗauka, wurare nawa aka haƙa ba ruwa. Irin wannan tambaya yana iya amsa ta bai soki kowa ba.

Ki raba rabin awar biyu: kamar minti goma kan dalili, sauran kan mafita. In dalili ya wuce haka, zai koma jifan juna. Za ki gane an fara kaucewa in kika ji kalmomi marasa mai su, kamar “wasu dalilai”, “halin da ake ciki”, “an samu ɗan tsaiko”, ko aka koma maganar tsadar kaya gaba ɗaya a ƙasa. Ba sai kin yi gardama ba, ki mayar da su kan lissafi: “Haka ne. To da wannan halin, rijiya nawa za mu iya gamawa a wata?” Mafitar da ke gabanku ba ta da yawa, kuma gara ki shigo da su a rubuce. Ko a ƙara ɗan kwangila na biyu a raba musu 26 ɗin da suka rage, ko a nemi ƙarin wa'adi ba tare da ƙarin kuɗi ba, ko a rage yawan rijiyoyin da yardar masu kuɗin. Ƙarin wa'adi abu ne sananne a irin wannan aiki, amma ana neman sa ne a rubuce tun wa'adin bai cika ba, kuma yarjejeniyarku za ta faɗi kwana nawa kafin ƙarshe ake so a nema. Ki duba wannan sashe kafin Litinin. Mai yiwuwa shi ya sa Baturiyar take matsawa yanzu: a wata na 8 tana da abin da za ta iya yi muku, a wata na 12 ba ta da shi.

Kafin ki wuce zuwa batu na gaba, ki karanta da ƙarfi abin da aka yanke: me za a yi, wa zai yi, zuwa wace rana. Misali, shugaban sashe zai kawo jadawalin ɗan kwangila na mako-mako ranar Alhamis, sashen kuɗi zai kawo abin da aka biya, ke kuma za ki rubuta takardar neman ƙarin wa'adi cikin mako guda. Ki tura wannan a rubuce ranar. Ba ki rufe batun ba sai yana da suna da rana. Alamar da za ta nuna miki taron bai yi aiki ba ita ce ki fito ki tarar an yi ƙungiya-ƙungiya a baranda da wurin ajiye motoci ana maganar da ba a yi a ciki ba.

Saura surukuntar, kuma ba za mu ce miki ki manta da ita ba. Aikin ruwan sha ne, kowace rijiyar da ba a haƙa ba wani ƙauye ne da mata da yara ke ci gaba da tafiya mai nisa da jarka. Amma wurinta ba taron Litinin ba ne. Kasancewar ɗan kwangila suruki ba shi kaɗai ne laifi ba. Tambayar ita ce ko an bayyana dangantakar a rubuce lokacin ba da kwangilar, ko kuma dattijon ya janye kansa daga zaɓen da kuma sa hannu kan biyan kuɗi. Yawancin ƙungiyoyin da ke karɓar tallafi daga waje suna da takardar da ma'aikaci ke cikewa ya bayyana irin wannan alaƙa, masu ba da kuɗi kuma suna sa ta cikin sharuɗɗansu. Wataƙila an cike ta ke ba ki sani ba. In kika jefa maganar a taro, ɗaya daga biyu zai faru: ko a fito da takardar ki zama mai ƙazafi, ko babu takardar, taron ya tashi daga maganar rijiyoyi ya koma rigima, a fita ba a yanke komai ba, ke kuma ki zama wadda ta tona dattijo a gaban baƙuwa. Hanyarta ita ce shugaban ƙungiyar gaba ɗaya, ko mai binciken kuɗi na cikin gida, ko hanyar kai ƙorafi a asirce in ƙungiyarku tana da ita. Ki faɗi abin da kika sani kawai, wato dangantakar da lissafin aiki da na biya, ba tare da ƙarin zato ba, ki kuma ajiye kwafin abin da kika rubuta da ranarsa.

In kuwa amsar Baturiyar ta zo cewa surukuntar take nufi, to abin ya fi ƙarfin kujerarki. Ki gaya mata a fili cewa wannan ba batun da za ki jagoranta ba ne a taron ma'aikata, ki nemi ta tattauna shi da shugaban ƙungiyar, ki kuma sanar da shi shugaban a ranar cewa ta tayar da maganar, kada ya ji daga wani wuri. Haka nan in ta ɗauko ta ba zato a tsakiyar taro, kina da ikon mai jagoranci. Ki ce wannan batu ne na tsarin ba da kwangila, yana da muhimmanci, za a rubuta shi a miƙa wa shugaban ƙungiya a yau, yanzu kuma a koma kan wa'adi. Ba ki binne shi ba, ba ki kuma bari an yi wa mutum shari'a ba shiri ba.

In taron ta bidiyo za a yi, ki duba ko ana naɗar sa. Mutane ba sa sakin baki in sun ga alamar naɗa tana haske, don haka ki nemi a dakatar da ita na wannan rabin awar, a wadatu da rubutaccen bayani. In ku kuna ɗaki ɗaya ita kaɗai ce a allo, za a so a juya zuwa Hausa da zarar magana ta yi zafi. Ki bari a yi jimla ɗaya ko biyu, sannan ki taƙaita mata abin da aka ce da Turanci, domin in ta ga ana magana ba ta ji, za ta ɗauka akwai wata giwar da ake ɓoye mata. Takardar lissafin nan kuma ki tura mata ita tun daren Lahadi, ki buga kwafi ga kowane mai zama a ɗakin, ki ajiye na dattijon a gaban kujerarsa kafin kowa ya shigo.